Mun kai dubu 50: godiya gare ku baki ɗaya

Assalamu alaikum iyayena, yayyena da ƙannena na wannan shafi.

Alhamdulillahi, yau mabiyanmu sun cika 50,000. Ƙanwata ce ta fara gani, ta shigo tana ihu har Umma ta ɗauka wani abu ne ya ƙone a madafa. Na so in yi bidiyo in gode muku baki da baki, amma na san kaina, kuka zan yi ta yi ba a ji abin da nake faɗa ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta. Ku yi haƙuri, zai ɗan yi tsawo.

Sababbin zuwa, sannunku da zuwa. Yaji nake yi a nan Tudun Wada, Kaduna: yajin ƙuli, yajin tafarnuwa, yajin daddawa, yajin jego, sai garin citta da haɗin kayan shayi. Na fara a 2021 ina ɗaliba, da kuɗin adashin da na kwasa da turmin gidanmu. 'Yan ajinmu ne kwastomomina na farko, kuma rabinsu bashi suke ɗauka sai an turo musu kuɗi daga gida. Wasunku suna nan suna karanta wannan, na yafe, amma ban manta ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai game da wannan adadi shi ne yarda. Yawancinku ba ku taɓa ganina ido da ido ba. Mace tana zaune a Sakkwato ko Yola ko Fatakwal, ta ga hoton roba cike da yaji a waya, ba ta ɗanɗana ba, ba ta shinshina ba, ta tura kuɗinta ga yarinyar da ba ta san gidansu ba, ta zauna tana jiran direba ya kira ta. A wannan zamani da kowa ke da labarin yadda aka cuce shi a sayayyar intanet, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Duk alat ɗin da ya shigo, amana ce aka ɗora mini, kuma ba na samun natsuwa sai na ga saƙon "Anti, kaya sun iso."

Mun sha hanya tare kuwa. Waɗanda suka daɗe a nan za su tuna shekarar 2023. Farkonta aka shiga ƙarancin takardun kuɗi saboda sauya fasalin naira. Ku kuna turo mini kuɗi ta banki, ni kuma masu barkono a kasuwa sun ce sai kuɗi a hannu, ga masu POS suna yankar rabonsu. Ba a gama farfaɗowa ba aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu, kuɗin mota ya tashi, har ya zama wani lokaci kuɗin aika ƙaramar roba zuwa Legas ya kusa kamo kuɗin yajin kansa. Sannan damina ta zo da abin da ya fi komai taɓa sana'ata: cutar da ta faɗa wa gonakin citta a kudancin Kaduna.

Bari in ɗan tsaya a nan, domin mutane da yawa ba su san darajar abin da muke da shi a jihar nan ba. Mafi yawan cittar da ake nomawa a Najeriya daga kudancin Kaduna take fitowa, yankunan Kachia, Kagarko, Jaba da kewayen Kafanchan, kuma ana fitar da ita ƙasashen waje saboda yajinta da ƙamshinta. Idan aka haƙe ta wajen ƙarshen shekara, sai a tsaga ta gida biyu a shanya a iskar hunturu har ta bushe ƙarau. Mai kyau idan ka karya ta za ka ji ta ce ƙas, ƙamshin ya bugi hancinka tun kafin ka kai ta kusa. A waccan shekarar ganyen ya riƙa yin rawaya, saiwar tana ruɓewa a cikin ƙasa, manoma da yawa ko irin shuka ba su tsira da shi ba. Farashin buhu ya yi tashin gwauron zabo.

Lokacin ne aka yi ta ba ni shawara. Wani ya ce in rage citta in ƙara barkono, ba wanda zai gane. Wata ta ce in riƙa haɗawa da garin masara, ai haka ake yi. Ni dai na san masu jego suna sayen yajina, na kuma san uwar da ta saba ba za ta rasa ganewa ba daga cokalin farko. Sai na fito na gaya muku gaskiya: citta ta yi tsada, zan ƙara kuɗi, haɗin kuma yana nan yadda kuka san shi. Na yi zaton za ku watse. Wasu sun tafi, ban kuma ga laifinsu ba, aljihu ne. Amma da yawa kun tsaya. Akwai wata Hajiya a Malali da ta rubuto mini cewa, "'Yata, ki ƙara ko nawa ne, kar dai ki taɓa mana hannun yajin." Har yau saƙon yana wayata.

Yanzu bari in ambaci waɗanda ba sa cikin dubu hamsin ɗin nan, domin yawancinsu ko shafin ba su taɓa buɗewa ba.

Umma. Haɗin nata ne, ita ma daga wajen mahaifiyarta ta koya. Ita ce ta nuna mini cewa kimba da kanumfari ba a cika musu hannu, in sun yi yawa sai su danne komai yajin ya yi ɗaci, masoro kuma a ƙarshe ake zuba shi. Har yanzu ba a rufe roba ko ɗaya sai ta lakata a tafin hannu ta ɗanɗana. In ta yi shiru, ya yi. In ta ce "hmm", to a koma turmi. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, Umma.

Baba mai injin niƙa na bayan layinmu, wanda yake wanke mini injinsa tas kafin ya zuba kayana don kar garin wani ya shiga, yana atishawa yana mita wai barkonona zai kashe shi. Matan unguwarmu da suke zuwa tsince hancin barkono da ɓare tafarnuwa. Duk wanda bai taɓa ɓare kwano guda na tafarnuwa ba bai san zafin da take sa wa a yatsu ba, su kuwa suna yi suna hira suna dariya. Dattijon da nake sayen busasshen barkono da tattasai wajensa a Bakin Dogo, wanda ya fara ba ni kaya in sayar in kawo kuɗi tun ba ni da komai. Maman da ke aiko mini da citta daga Kachia, wadda take kirana 'yarta, duk Kirsimeti sai ta haɗo mini da tsarabar acca, ni kuma da Sallah in aika mata nama da cincin. Yayana da ya ba ni aron wayarsa na ɗauki hotunan farko. Sai direbobin tashar Kawo da Mando da Television, da yaran da suke zagaya gari a kan babur da rana da ruwa, daga Rigasa zuwa Barnawa, daga Hayin Banki zuwa Sabon Tasha. Allah ya saka muku da alheri, ya tsare hanya.

Ku ma da ba ku taɓa sayen ko ƙulli ɗaya ba, kuna cikin godiyar nan. Wata ɗaliba ce, ba ta da kuɗi, amma duk abin da na ɗora sai ta tura wa ƙawayenta. Wani kullum addu'a yake ajiye mini a ƙarƙashin hoto. Har masu tambayar "nawa ne?" alhali farashin yana rubuce ɓaro-ɓaro a jikin hoton, ku ma na gode, kun koya mini haƙuri. Masu gyara kuma sun fi kowa amfanata. Wata baiwar Allah ce ta ce mini yajin yana dunƙulewa da damina, dalilin da ya sa na koma robobi masu murfin da ke like baki ke nan, na kuma fara rubuta muku a jiki cewa kar a sa jiƙaƙƙen cokali.

'Yan mata da yawa suna turo mini saƙo suna tambaya yadda za su tara mabiya. Ƙannena, ni ban san wata dabara ba, kuma ban taɓa sayen mabiyi ko ɗaya ba. Wanda aka saya ba ya cin yaji. Da a ce duk mutum dubu hamsin ɗin nan suna saye, da yanzu ina da masana'anta a Kakuri. Masu saye a kai a kai ba su kai kusa da haka ba, kuma su nake tashi da asuba dominsu. Ki gyara kayanki, ki ɗauki hoto da hasken rana, ki rubuta farashi a fili, ki amsa saƙo da mutunci ko da an ɓata miki rai, in kin ce Talata kaya za su tashi to su tashi Talata. Ki kuma yi rajistar sunan kasuwancinki da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC da wuri, ki raba kuɗin sana'a da na kashewa.

Wata magana mai muhimmanci: tun da shafin ya fara girma aka samu masu kwafar hotunana suna buɗe wasu shafuka da suna mai kama da nawa. Shafina ɗaya ne, wannan da kuke kai. Asusun bankina ɗaya ne, da sunan kasuwancin, ba sunan wani mutum ba. Ba na bin kowa ta saƙon sirri in ce ya ci kyauta ya turo kuɗin mota. Wanda ya ga haka ya ɗauki hoton saƙon ya turo mini.

To, ga tukuicinku. Mutum 50 za su samu ƙaramar robar yaji kyauta, kowa ya zaɓi irin wanda yake so. Ku rubuta garin da kuke da abincin da kuka fi son ci da yaji a ƙarƙashin wannan rubutu, ko ɗanwake ne, ko shinkafa da wake da mai, ko dafaffen rogo. Ranar Juma'a bayan la'asar za mu zaɓa kai tsaye kowa yana kallo, ƙanwata ce za ta ja sunayen don kar a ce na yi son kai. Na cikin garin Kaduna ni zan biya kuɗin kai musu, na nesa kuma za mu raba kuɗin mota biyu. Daga yau zuwa Lahadi akwai ragin kashi 10 cikin 100 a kan komai, har da masu sari.

Masu tambayar garin kunun gyaɗa, na ji ku. Umma ta ce sai sabuwar gyaɗa ta shigo, ba za ta yi da tsohuwa ba. Da zarar ya samu, nan za ku fara gani in sha Allahu.

Na gode, na gode ƙwarai. Allah ya bar zumunci, ya buɗa wa kowa a sana'arsa.

Taku,
Mai yajin Tudun Wada