Zuwa ga masu aikin risafshan

Don Allah mu kiyaye wannan. Baƙo in ya shigo a fara yi masa sannu da zuwa kafin komai, sannan a karɓi katin shaidarsa, NIN ko fasfo, ya cike fom, a rubuta lambar ɗaki a rajista.

Batun kuɗi nan ne matsalarmu. Ba a ba da makulli sai an biya, kuma in taransifa ce kar ku yarda da sikirinshot, ku jira alat ya shigo, ko jiya sai da muka yi asarar kuɗin kwana 2 a ɗaki 14 saboda haka. In POS ya ƙi amma an cire masa kuɗi ku ajiye takardar, ya biya ta wata hanya, banki zai mayar masa. Kowa a ba shi rasit.

Fita ƙarfe 12 na rana ne, a duba ɗaki, tawul da rimot, a karɓi makulli.

Wanda ya kawo ƙorafi, ko AC ko ruwan zafi, kar a yi musu da shi, a ce Alhaji ko Hajiya a yi haƙuri, in bai gyaru cikin minti 20 ba a canja masa ɗaki a kira ni ko da tsakar dare ne.