Wasiƙa ga Iyayen Yara Kan Manhajojin da Za a Sanya wa Kwamfutocin Ɗalibai

Sashen Koyar da Kwamfuta,
Ɓangaren Sakandare,
Tudun Wada, Gombe.
Litinin, 12 ga Janairu, 2026.

Zuwa ga iyaye da marikan ɗaliban aji 1 zuwa aji 3 na babbar sakandare,

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya tare da iyali, na rubuto wannan wasiƙa ne da izinin Shugaban Makaranta domin in sanar da ku manhajojin da za mu sanya wa kwamfutocin tafi-da-gidanka na yaranku a wannan zango na biyu, da dalilin zaɓen kowace ɗaya daga cikinsu. Dukkansu na kyauta ne, kuma makaranta ba za ta karɓi ko sisin kwabo ba a kan wannan aiki. Duk yaron da ya zo gida ya ce an buƙaci kuɗin manhaja, ina roƙo a tuntuɓe ni kafin a ba shi.

Ya kamata in fara fayyace abin da nake nufi da kyauta, domin kalmar tana rikita mutane. Akwai manhajar da masu ita suka ƙirƙira suka ba kowa izinin ya sauke ta, ya yi aiki da ita, ya kuma kwafa wa wani. Akwai kuma wadda asalinta ta sayarwa ce, amma wani ya ɓalle mata makulli yana ɗora wa mutane a shagon gyara a kan kuɗi kaɗan. Ta farkon halal ce. Ta biyun kayan sata ce, kuma sau da yawa ta cikinta ne bairos ke shiga kwamfuta. A zangon da ya wuce wata ɗaliba ta kawo mini tata tana hawaye, saboda duk fayilolin da ke cikin filashinta sun ɓace, babu abin da ya rage sai alamomin da ba sa buɗuwa, ga kuma wani jan layi a saman shafin rubutunta yana cewa lasisinta ba na gaske ba ne. Da na tambaya, sai ta ce an kai kwamfutar kasuwa ne lokacin hutu aka cika mata ita da manhajoji. Mun ceto yawancin aikin nata, amma ya cinye mana darasi biyu.

Babbar manhajar da za mu sanya ita ce LibreOffice, wadda wata gidauniya mai zaman kanta a ƙasar Jamus take kula da ita tun shekarar 2010. A cikinta akwai Writer na buga rubutu, da Calc na lissafi a jadawali, da Impress na shirya bayanin da ake haskawa a allo. Na san da yawa daga cikinku sun saba da Microsoft Word da Excel a wurin aiki, kuma za ku so ku ji ko yaro ba zai cutu ba idan ya koyi wani abu dabam. LibreOffice tana buɗe fayilolin Word da Excel, tana kuma iya adana aiki a tsarinsu, don haka abin da yaro ya buga a gida zai buɗu a shagon buga takardu. Ba zan ɓoye muku ba, wani lokaci takarda mai ado da yawa takan ɗan sauya fasali, shi ya sa zan koya musu mayar da aikin da aka kammala zuwa PDF kafin a kai bugu. Kuma wanda ya iya tsara sakin layi da haɗa lissafi a Calc, kwana ɗaya ya ishe shi ya saba da ɗayar. Kwamfutocin ɗakin gwaji na makaranta suna da Microsoft Office mai lasisi, kuma a can za su riƙa gwada hannu saboda jarrabawa.

Don shiga intanet za mu sanya Firefox tare da ƙarin da ake kira uBlock Origin, wanda ke toshe tallace-tallace, ciki har da na caca da na hotunan banza da kan faɗo wa yaro ba tare da ya nema ba. Wannan yana rage cin data, amma ba ya hana yaro zuwa shafin da ya yi niyyar zuwa da kansa, saboda haka sa idonku a gida yana nan a matsayinsa. Za a kuma sanya VLC domin kallon bidiyon darussa, da 7-Zip domin buɗe fayilolin da aka dunƙule.

Wadda na fi ɗokin yara su samu ita ce Kiwix. Da ita ake karanta Wikipedia ba tare da intanet ba, domin ana sauke kundin ne sau ɗaya ya zauna a cikin kwamfutar. Za mu ɗora musu na Hausa da wani ɓangare na Turanci da ya shafi kimiyya da lissafi, yadda yaron da gidansu babu data, ko wanda ya tafi hutu ƙauyen da sabis ba ya kamawa sosai, zai iya yin bincikensa. Kusan duk abin da na zaɓa, in ban da Firefox, yana aiki ko babu intanet, kuma da gangan na yi hakan.

A ɓangaren lissafi akwai GeoGebra, wadda ake zana da'ira da kusurwa da jadawalin lissafi a cikinta, yaro ya ja layi da linzami ya ga yadda amsa ke sauyawa a gabansa. Malamin lissafi ne ya roƙi a sa ta. 'Yan aji 1 za su fara koyon tsara manhaja da Scratch, wadda aka ƙirƙira a jami'ar MIT ta Amurka, inda ake jera umarni kamar tubala maimakon rubutawa. Idan kuka ga wata kyanwa tana yawo a allon yaronku, ba wasa yake yi ba, aikin gida ne, ko da yake ba laifi ku ce ya nuna muku tubalan da ya jera. 'Yan aji 2 da 3 kuwa za su koyi Python, harshen rubuta manhaja, ta hanyar manhajar Thonny.

Sai Klavaro, ta koyon buga rubutu da yatsu goma. Jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta tun shekarar 2015, kuma yaron da hannunsa ke rawa a kan madannai yakan ɓata lokacin da ya kamata ya yi tunani a kan tambaya. Minti 15 a kullum ya wadatar. Za mu kuma kunna tsarin madannan Hausa da ke cikin Windows, domin yara su riƙa rubuta ɓ da ɗ da ƙ daidai.

Ba za mu sanya wata manhajar kashe bairos ta dabam ba, domin Microsoft Defender da ke zuwa tare da Windows ta isa matuƙar ana sabunta ta. Sai dai masu Windows 10 su sani cewa kamfanin Microsoft ya daina ba ta tallafin yau da kullum tun ranar 14 ga Oktoba, 2025. Zan duba kowace kwamfuta in rubuta wa iyaye ko za ta iya ɗaukar Windows 11, kuma ba zan sauya komai a wannan ɓangaren ba sai da amincewarku.

Za a yi aikin a ɗakin kwamfuta daga ƙarfe 9 na safe zuwa 1 na rana: 'yan aji 3 ranar Asabar 17 ga Janairu, 'yan aji 1 da 2 kuma ranar Asabar 24 ga Janairu. Kowane yaro ya zo da kwamfutarsa cike da caji, tare da cajarta da aka rubuta sunansa a jiki, a cikin jaka saboda ƙurar hunturu. Muna buƙatar sararin gigabait 10 da babu komai a ciki. Idan akwai hotunan iyali ko takardun aikinku a kwamfutar, don Allah a kwafe su zuwa wani wuri tukuna. Ba za mu buɗe su ba, ba za mu goge su ba, amma kariya ta fi. Idan muka tarar da manhajar da aka ɓalle wa makulli, za mu sanar da ku kafin a cire ta.

A ƙarshen aikin kowace kwamfuta za ta kasance da asusu biyu: na ɗalibi, wanda ba ya iya sanya sabuwar manhaja, da na mai kula, wanda za a ba uba ko uwa ko mariƙi kalmar sirrinsa a rufaffiyar ambulan. Ina roƙo kada a ba yaro ita, komai nacinsa. Wanda bai amince a taɓa kwamfutar ɗansa ba ya aiko da rubutacciyar sanarwa ta hannun malamin aji kafin ranar Alhamis, 15 ga wata, kuma yaron zai yi ayyukansa a kwamfutocin makaranta ba tare da an rage masa maki ba. Mai tambaya zai same ni a ɗakin kwamfuta ranakun Talata da Laraba bayan an tashi.

Na gode da haɗin kanku. Allah ya yi wa yaranmu albarka.

Naku,
Malamin Kwamfuta,
Ɓangaren Sakandare.