Aikin Gida: Lissafin Kuɗin Ruwa Don Ƙananan 'Yan Kasuwa Da Masu Ajiya

Wannan takarda ta ajin manya ce na yamma, bayan darasin kaso cikin ɗari. A yi kowace tambaya a littafi, a nuna matakan lissafi, sannan a duba amsa a ƙasa.

Kuɗin ruwa iri biyu ne. Akwai tsayayyen ruwa, wanda kullum a kan uwar kuɗi kaɗai ake lissafa shi. Akwai kuma ruwa kan ruwa, inda ribar da ta taru take komawa cikin uwar kuɗi, ita ma ta fara haihuwa. A ƙa'idojin nan biyu, P uwar kuɗi ce, R kaso cikin ɗari, T da n lokaci, I kuɗin ruwa, A kuma jimlar da za a karɓa ko a biya.

```
I = (P × R × T) / 100
A = P × (1 + R/100)^n
```

A kula: in kason na wata ne, a ƙirga lokaci da watanni. In na shekara ne, a ƙirga da shekaru. Nan ne yawancin mutane ke tuntuɓe.

Tambayoyi

1. Wata mai ajiya ta saka 40,000 a asusun da ke ba da tsayayyen ruwa, kashi 6 cikin ɗari a shekara. Nawa za ta tarar bayan shekara 3?

2. Wani ɗan kasuwa ya ci bashin 80,000 a kan kashi 12 cikin ɗari a shekara, tsayayyen ruwa, ya biya bayan wata 9. Nawa ne kuɗin ruwan?

3. Wata 'yar kasuwa ta ranci 60,000 ta sari kaya, a kan tsayayyen ruwa na kashi 5 cikin ɗari a wata. Kayan suka yi kwantai, ba su ƙare ba sai bayan wata 4, ta tashi da cinikin 75,000. In ta biya bashi da ruwansa, nawa ya rage a hannunta? Da kayan sun ƙare cikin wata 1 fa?

4. An ajiye 50,000 na shekara 3 a kan kashi 10 cikin ɗari, ruwa kan ruwa, ana haɗawa sau ɗaya a shekara. Rubuta abin da ke asusun a ƙarshen kowace shekara. Da nawa ya fi abin da tsayayyen ruwa zai bayar?

5. Wani ya karɓi rancen 25,000, aka ce masa ba wani kaso, kawai ya dawo da 28,000 bayan wata 3. Kashi nawa ke nan a wata, kuma nawa a shekara?

6. Mai shago yana neman 100,000, zai biya gaba ɗaya bayan wata 6. Mai ba da rance na farko ya ce kashi 5 a wata, tsayayye. Na biyu ya ce kashi 4.5 a wata, amma ruwa kan ruwa. Wanne ya fi sauƙi? In a wata 3 zai biya fa?

Amsoshi

1. Ruwa 7,200, jimla 47,200.

2. Wata 9 kashi uku cikin huɗu ne na shekara, wato 0.75. Ruwan 7,200 ne. Wanda ya sa 9 a gurbin T zai sami 86,400, abin da ya fi bashin kansa.

3. Kowane wata 3,000, wata 4 ya zama 12,000. Za ta biya 72,000, saura 3,000. Da wata 1 ne, 63,000 za ta biya, ta tsira da 12,000. Jinkirin wata uku ya cinye mata 9,000.

4. 55,000, sai 60,500, sai 66,550. Tsayayyen ruwa zai ba da 65,000, bambancin 1,550.

5. Ƙarin 3,000 kashi 12 cikin ɗari ne na 25,000. A wata kashi 4, a shekara kashi 48, ko da ba a ambaci kaso ba wajen karɓa.

6. Wannan ce tambayar da ta fi cancantar a zauna a kanta. Na farko zai karɓi 130,000. Wajen na biyu, a ninka 100,000 da 1.045 har sau shida, a sami kusan 130,226. Ke nan mai ƙaramin kaso ya fi tsada da 226. Amma a wata 3 na farko 115,000 ne, na biyu kusan 114,117, sai na biyun ya zama mai sauƙi. Wanda ya sami amsa dabam ya duba ko ya riƙa yanke ɗigon lamba tun a tsakiyar lissafi, domin sai a matakin ƙarshe ake yin hakan.