Darasi kan nasakhi: abin da aka shafe da abin da ba a shafe ba

Ga ɗaliban da ke karanta Waraƙatu a zauren Unguwar Alkali, Katsina.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. 'Yan'uwa, mun iso babin da ƙafar ɗalibi ke saurin zamewa a cikinsa. Malaman usulu sun ce nasakhi shi ne ɗage hukuncin shari'a da wani dalilin shari'a da ya zo daga baya. Ku riƙe "daga baya" ɗin nan da kyau, domin in babu sanin wanne ya riga wanne, babu maganar shafewa. Asalinsa yana cikin Baƙara aya ta 106 da Nahli aya ta 101. Ba wai wani ilmi ne ya sabunta ga Allah ba, tsarki ya tabbata gare Shi. Tun azal Ya san wa'adin kowane hukunci, mu ne ba mu sani ba. Shi ya sa nasakhi ke shiga umarni da hani kaɗai, ba ya shiga tauhidi ko labaran annabawa, kuma ƙofarsa ta rufe da wafatin Annabi (SAW). Ijma'i ba ya shafe nassi, sai dai ya nuna akwai nassin da ya shafe.

Ku ɗauki iddar mamaci. Baƙara 240 ta ambaci shekara guda, Baƙara 234 ta ce wata huɗu da kwana goma. Jumhuru sun ce ta 234 ce ta shafe ta 240, alhali ta 234 ce ta riga ta 240 zuwa cikin mus'hafi. To kun ga jerin ayoyi daban, jerin sauka daban. Wanda ya auna da lambar aya zai juya hukuncin a bai-bai, ya sa matar da mijinta ya rasu ta yi takabar shekara. Wannan shi ne nau'in da aka shafe hukunci aka bar karatu. Haka sadaka kafin ganawa da Annabi (SAW) a Mujadala 12, wadda aya ta 13 ta ɗage.

Akwai kuma inda Alƙur'ani ya shafe abin da ya tabbata da Sunna, wato fuskantar Baitul Maƙdisi wata 16 ko 17 bayan hijira, har Baƙara 144 ta mayar da alƙibla Ka'aba. Sunna da Sunna kuwa, mafi bayyana shi ne hadisin Buraida a Muslim, inda Annabi (SAW) da kansa ya faɗi cewa ya hana ziyarar ƙaburbura a da, yanzu a ziyarce su.

Mu da muka tashi kan mazhabar Maliku, hadisin Nana A'isha ya cancanci mu tsaya. Ta ce an saukar da shayarwa goma masu haramta aure, aka shafe su da biyar. Shafi'i ya gina hukunci a kan biyar. Maliku ya rawaito hadisin a Muwaɗɗa da kansa, sannan ya ce ba a kansa aiki yake ba, don haka a wurinmu ko tsotso ɗaya ya haramta. Hujjar Malikawa ita ce Alƙur'ani ba ya tabbata sai da tawaturi, wato ruwayar jama'a masu yawa daga jama'a masu yawa, kuma ayar Nisa'i 23 ba ta ƙayyade adadi ba. Wannan ba mas'alar takarda ba ce, a kanta ake ɗaura aure ko a fasa a gidajenmu.

Abin da ya fi damuna shi ne saurin cewa "an shafe". Za ku tarar a tafsiri sahabi ko tabi'i ya ce aya kaza ta shafe kaza, sai ku ɗauka ma'anar da muka bayar yake nufi. Shaɗibi ya yi bayani cewa magabata na kiran keɓancewa da ƙayyadewa da wannan suna. Baƙara 221 ta hana auren mushirikai mata, Ma'ida 5 ta halatta matan Ahlul Kitabi. Hanin yana nan daram, wani yanki kawai aka fitar. Saboda rashin wannan rarrabewa ne wasu suka ce ayar takobi, Tauba 5, ta shafe ayoyin haƙuri da afuwa sama da ɗari. Suyuɗi ya tace da'awowin duka ya tsaya a kan wajen ayoyi 20, Shah Waliyullahi na Dihli ya rage su zuwa 5. Ina tare da masu ragewa, domin cewa aya ta daina aiki shaida ce a kan Allah, ba a yin ta da zato.

Idan nassi biyu suka yi kamar sun ci karo, ku fara neman haɗa su. In ya gagara, ku nemi tarihi daga nassin kansa, ko maganar sahabi kan lokaci, ko ijma'i. In babu, sai rinjayarwa.

Ranar Asabar bayan la'asar za mu ɗauki Baƙara 180 kan wasiyya ga iyaye. Kowa ya zo da amsa a rubuce: ayoyin gado ne suka shafe ta, ko hadisin da ya hana wasiyya ga magaji? Ku duba yadda amsar ke canzawa a wurin Shafi'i, wanda bai yarda Sunna ta shafe Alƙur'ani ba. Allah Ya ba mu fahimta.