Sashe na 14: Janyewa Daga Yarjejeniyar Samar da Kwalaye Bisa Ganin Dama

Daftari na biyu, daga lauyan Mai Saye zuwa ga lauyan Mai Kawo Kaya. Duk inda aka rubuta "Bayani" magana ce tsakaninmu, za a cire ta kafin sa hannu.

14.1 Kowane ɗaya daga cikin ɓangarorin biyu yana da ikon kawo ƙarshen wannan Yarjejeniya idan ya ga dama, ko da ɗayan bai yi masa laifin komai ba, muddin ya ba da sanarwa a rubuce ta kwana 120 kamar yadda wannan sashe ya tanada. Ba dole ba ne ya faɗi dalilinsa, kuma idan ya faɗa, ba za a kafa hujja da dalilin don a hana shi janyewa ba.

14.2 Yarjejeniyar ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026, za ta ƙare ranar 31 ga Disamba, 2028. Babu ɓangaren da zai ba da sanarwar janyewa kafin 1 ga Janairu, 2027. Sanarwar da aka bayar kafin wannan rana ba ta da wani tasiri, sai an sake ba da sabuwa.

Bayani: Barista, daftarinku ya ce Mai Saye ya ba da sanarwar kwana 180, wanda kuke wakilta kuma ta kwana 60. Wannan ba za ta saɓu ba. Idan Mai Kawo Kaya ya janye, sai masana'antar sabulun Mai Saye ta nemo wani mai yin kwali, an yi sababbin farantan bugu, an gwada launi da ƙarfin kwalin, sannan a fara kawo mata kaya. Wata uku ma da kyar yake isa. Idan kuma Mai Saye ne ya janye, ku da kanku kun ce takardar da ake yin kwalin da ita sai an yi odarta da mako takwas kafin ta iso, ga neman wanda zai cike gurbin da aka bari a injin. Kwana 120 ya ɗauke wa kowa tasa buƙatar, shi ya sa na sa adadi ɗaya ga duka biyun. Shekarar farko da aka kulle kuwa don ku aka yi, saboda ku samu ku mayar da abin da kuka kashe wajen shiri.

14.3 Sanarwar za ta ambaci wannan sashe da lambarsa, ta faɗi ranar da Yarjejeniyar za ta ƙare, kuma darakta ko wanda aka ba izini a rubuce ne zai sa mata hannu. Za a kai ta hannu da hannu, ko ta kamfanin isar da saƙo mai karɓar sa hannun wanda aka ba, zuwa adireshin da ke Sashe na 21. A ranar da aka aika ta za a tura kwafinta ta imel, amma imel shi kaɗai, ko saƙon waya, ko maganar baki a wurin taro, ba sanarwa ba ce.

14.4 Ana fara ƙirgen kwana 120 daga washegarin ranar da sanarwar ta isa adireshin, har da ranakun hutu. Idan ta isa bayan ƙarfe 5 na yamma agogon wurin mai karɓa, ko a ranar da ba ta aiki ba, za a ɗauka ta isa a ranar aiki ta gaba. Idan mai karɓa ya ƙi amsa da gangan, ranar da ya ƙi ita ce ranar isowa. Yarjejeniyar za ta ƙare a rana ta ƙarshe ta watan da kwana na 120 ya faɗa a ciki, kuma wannan ita ce "Ranar Ƙarewa". Misali, sanarwar da ta isa da safiyar Laraba 3 ga Maris, 2027, kwananta na 120 zai cika ranar 1 ga Yuli, don haka Ranar Ƙarewa ita ce 31 ga Yuli, 2027. Idan sanarwa ta ambaci ranar da ta gaza wannan lissafi, ba ta lalace ba. Za a karanta ta da ranar da ta dace.

Bayani: Da gangan na ɗora ƙirgen a kan isowar takarda. Tunda ɓangarorin suna ƙasashe biyu da ke bin Yarjejeniyar Vienna ta 1980 kan cinikin kaya tsakanin ƙasashe, sashenta na 27 yakan bar haɗarin jinkirin saƙo a kan wanda aka aika wa. Sashenta na 6 ya ba mu damar sauya wannan, kuma na sauya. Mutum bai kamata kwanakinsa su riƙa cinyewa alhali takardar tana hanya ba.

14.5 Da zarar sanarwa ta isa, wanda ya bayar ba zai iya janye ta ba sai da yardar ɗayan a rubuce.

14.6 Daga isowar sanarwa har zuwa Ranar Ƙarewa, Yarjejeniyar tana nan daram da dukkan sharuɗɗanta. Farashi, inganci, lokacin kawo kaya da wa'adin biyan kuɗi ba za su sauya saboda sanarwar ba. Mai Kawo Kaya ba zai nemi a fara biyansa kafin ya kawo kaya ba idan ba haka ake yi a da ba, Mai Saye kuma ba zai riƙe kuɗin da ya kamata ya biya da sunan jiran lissafin ƙarshe ba. Bayan haka:

(a) A kowane wata na lokacin sanarwa, Mai Saye zai ba da odar da ba ta gaza kashi 80 cikin ɗari na matsakaicin odarsa ta wata-wata ba, wanda za a lissafa daga watanni shida da suka gabaci sanarwar. Idan ya gaza, zai biya kashi 15 cikin ɗari na kuɗin kwalayen da suka rage bai yi odarsu ba, kuma wannan shi ne iyakar abin da za a bi shi a kan giɓin.

(b) Mai Kawo Kaya zai karɓi duk odar da ba ta wuce kashi 120 cikin ɗari na wannan matsakaici ba, ya kuma kawo ta a kan lokaci. Idan ya ƙi ko ya kasa, Mai Saye zai iya sayen kwalayen a wani wuri a kan farashin da hankali zai ɗauka, Mai Kawo Kaya ya biya shi bambancin kuɗin.

(c) Idan Mai Kawo Kaya ne ya ba da sanarwar, Mai Saye yana da ikon ba da oda ta ƙarshe, ƙari a kan ta wata-wata, wadda ba ta wuce matsakaicin wata biyu ba, muddin ya bayar da ita aƙalla kwana 45 kafin Ranar Ƙarewa. Odar da aka karɓa kafin Ranar Ƙarewa za a cika ta bisa waɗannan sharuɗɗa ko da ranar kawo ta ta faɗa bayan haka.

Bayani: Nan ne gizo ke saƙar. Kwana 120 a takarda ba ya tsinana wa kowa komai idan mai saye zai ba da sanarwa yau, gobe ya zaftare odarsa zuwa kashi ɗaya cikin goma, ko mai kawo kaya ya ba da tasa sannan ya mayar da odarmu ƙarshen layi yana yi wa sabon abokin cinikinsa aiki. Na san wanda nake wakilta ba zai so kashi 80 ɗin nan ba, amma na gaya masa ba zai nemi (b) da (c) ya ƙi (a) ba. Kashi 15 ɗin kuma na tsayar da shi kusa da ribar da kuka nuna a lissafinku, don kada wata kotu ta kalle shi a matsayin tara ta ƙi zartar da shi.

14.7 Cikin kwana 14 bayan Ranar Ƙarewa, Mai Kawo Kaya zai miƙa wa Mai Saye jerin kayan da suka rage a sitonsa, tare da rasitansu. Mai Saye yana da kwanakin aiki 10 ya aiko wakili ya ƙirga ya duba. Sai a yi lissafi kamar haka.

Kwalayen da aka gama, masu ɗauke da tambarin Mai Saye, waɗanda aka yi bisa odar da ya tabbatar, zai saye su a farashin Yarjejeniya ko wane ne ya janye, in dai sun cika sharaɗin inganci na Sashe na 7. Waɗanda aka fara ba a gama ba, yana da zaɓi: ko ya ce a ƙarasa su ya biya cikakken farashi, ko ya biya abin da aka kashe a kansu kawai. Kwalin da aka buga ba tare da oda ba, Mai Saye ba zai biya ba, kuma za a lalata shi a gaban wakilinsa.

Takarda, tawada da gam da aka saya bisa hasashen wata uku da Mai Saye yake bayarwa a rubuce, idan shi ne ya janye, zai biya kuɗin sayensu ba tare da riba ba, amma sai waɗanda Mai Kawo Kaya ya nuna ya yi iya ƙoƙarinsa bai samu mayar da su, ko sayar da su, ko yi wa wani aiki da su ba. Abin da zai biya a nan ba zai wuce kuɗin matsakaicin odar wata biyu ba, kuma kayan da ya biya sun zama nasa. Idan Mai Kawo Kaya ne ya janye, waɗannan kaya suna wuyansa.

14.8 Farantan bugu, wuƙaƙen yanka kwali da zanen tambari da Mai Saye ya biya kuɗinsu mallakarsa ne. Za a ba shi kwafin zanen cikin kwana 7 da isowar sanarwa, a mayar masa da farantan da wuƙaƙen cikin kwana 14 bayan kammala oda ta ƙarshe. Ba za a riƙe su a matsayin jingina ba saboda wata jayayya a kan kuɗi.

14.9 Za a biya duk kuɗin da ya taso daga 14.6 da 14.7 cikin kwana 30 da amincewa da lissafin. Idan an yi saɓani a kan wani kaso, a biya wanda ba a jayayya a kansa cikin wannan wa'adi, sauran a kai shi sulhu bisa Sashe na 19. Kuɗin kafin alƙalami da Mai Saye ya bayar, wanda ba a kawo kayansa ba, za a cire shi daga lissafin ko a mayar masa.

14.10 Janyewa bisa wannan sashe ba saɓa Yarjejeniya ba ce. Baya ga abin da aka ambata a sama, babu ɓangaren da zai bi ɗayan diyyar ribar da yake sa ran samu a sauran wa'adin, ko asarar kasuwa, ko kuɗin sallamar ma'aikata, ko kuɗin injin da ya saya.

Bayani: Kun nemi a biya ku ragowar kuɗin sabon injin naɗe kwali idan Mai Saye ya janye. Ban sa ba, domin injin yana yi wa kowane abokin ciniki aiki, kuma zai ci gaba da zama naku. In akwai wani ɓangarensa da ba ya amfani sai ga kwalinmu, ku aiko da sunansa da rasitinsa mu duba shi shi kaɗai.

14.11 Wannan sashe bai taɓa ikon soke Yarjejeniya saboda saɓa alkawari da ke Sashe na 13 ba. Idan wani ɓangare ya yi mummunan saɓa alkawari a lokacin sanarwa, ɗayan zai iya sokewa bisa wancan sashe ba tare da jiran Ranar Ƙarewa ba. Haƙƙin da ya riga ya tabbata ga kowane ɓangare kafin Ranar Ƙarewa, garantin kayan da aka kawo, sharaɗin riƙe sirri na Sashe na 16 da tanadin sulhu na Sashe na 19 za su ci gaba da aiki bayan Yarjejeniyar ta ƙare.