Tsarin kwana 90 na farko ga sabon mai kula da sito

Zuwa ga Malam Bello, daga manajan reshenmu na Sakkwato

Assalamu alaikum. Barka da zuwa. Za ka kama aiki ranar Litinin, 2 ga Fabrairun 2026, kwana 90 ɗinka kuma za su cika ranar Asabar, 2 ga Mayu. Da gangan muka ɗauke ka yanzu: muna so ka san sito ciki da bai kafin tirelolin takin damina su fara sauka.

Daga 2 ga Fabrairu zuwa 3 ga Maris: kallo da tambaya

Ranar farko ba za ka taɓa littafin kaya ba. Akawu zai karɓi lambar asusunka na banki da ta fansho, ya yi maka bayanin kashi 8 cikin ɗari da ake cira daga albashinka da kashi 10 da kamfani ke ƙarawa, kamar yadda dokar fansho ta 2014 ta tanada. Takardar sharuɗɗan aiki ma ranar za ka karɓa. Doka ta ba mu har wata uku, amma ba na son mutum ya yi mana aiki ko na yini ɗaya bai san haƙƙinsa ba. Daga nan zan zagaya da kai ka gaisa da kowa, har 'yan dako da Baba mai gadi. Ka riƙe sunayensu, domin ranar da mota ta iso bayan Magariba su ne za su fitar da kai kunya.

Sauran watan kana tare da Malam Umaru, wanda za ka gada. Makulli na hannunsa, kai naka ido. Ka lura da yadda yake jera yuriya a kan katako, nesa da bango, saboda tana jan laima ta dunƙule. Ka ga yadda yake ɗora buhu a sikeli ya tabbatar kilo 50 ne, sannan ya shafa bakin ɗinkin da yatsa ko an farke an sake ɗinkewa. Maganin feshi ɗakinsa daban, ba ya kwana da iri, kuma kowace kwalba sai an duba lambar NAFDAC da ranar lalacewarta. Wanda ya riga shigowa shi ke riga fita, ko da ciro shi daga baya zai ba 'yan dako wahala.

Don Allah ka yi tambaya. Na fi jin tsoron sabon ma'aikaci mai cewa "to" ga komai a kan mai damuna da tambaya sau goma. Kowace Alhamis bayan La'asar za mu zauna ni da kai na rabin awa, ka faɗi abin da ya shige maka duhu, har da abin da ka ga muna yi ba daidai ba.

Azumi zai kama cikin wannan wata, in Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata. Lodi da sauke kaya za su koma safiya.

Daga 4 ga Maris zuwa 2 ga Afrilu: aiki da hannunka

Yanzu kai ke rubuta shige da ficen kaya, Malam Umaru na sa hannu a ƙasa. Ƙirgar ranar Asabar taka ce. In littafi ya ce buhu 400 na NPK 15-15-15 ka tarar da 398, ka sanar da ni a ranar, kar ka gyara lissafi a ɓoye. Kuskuren ƙirga ba ya korar kowa a nan, ɓoye shi ne ba mu yafewa.

Bayan Sallah za ka bi direba zuwa Wurno da Goronyo, ka ga dillalanmu da manoman albasa da shinkafa a fadamarsu. Wanda ya ji da kunnensa yadda jinkirin taki na mako guda ke taɓa amfanin gona ba zai bar mota ta kwana ba a loda ba.

Daga 3 ga Afrilu zuwa 2 ga Mayu: makulli a hannunka

Malam Umaru zai koma sashen sayarwa, ofishinsa na nan kusa in ka buƙace shi. Zafin Sakkwato a wannan lokaci ba sai an faɗa maka ba: ka tabbatar randar 'yan dako ba ta rabo da ruwa, ɗakin magani kuma yana shan iska. Kafin 20 ga Afrilu ka kawo mini tsarin inda za ka jera kayan damina.

Ranar 2 ga Mayu da ƙarfe 10 na safe za mu zauna mu uku. Za mu duba ko ƙirgarka ta makonni huɗu na ƙarshe ta dace da littafi, mu kuma ji ta bakin direbobi da dillalai. In komai ya yi daidai, a ranar zan sa hannu a takardar tabbatar da kai. In da saura, zan faɗa maka wurin a fili, mu ƙara wata guda. Ka zo da naka ƙorafin a rubuce, ko da a kaina ne.

Allah Ya sa ka shigo a sa'a.