Ina hutu har 22 ga Disamba: amsar saƙo daga Dakta Hadiza

Assalamu alaikum.

Saƙonku ya shigo, amma ba ni nake amsawa ba, amsa ce da na ajiye kafin in tafi. Na fara hutun shekara ranar Litinin 1 ga Disamba 2025, kuma zan koma aiki ranar Litinin 22 ga wata in sha Allahu. A tsakanin nan ba na Kaduna, babu kuma mai duba wannan akwatin saƙo. Don haka don Allah kada wanda ke da ciwo ya zauna jirana.

Idan abin gaggawa ne, a ajiye wayar a tafi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa, ko dare ne. Masu zama cikin gari akwai Asibitin Koyarwa na Barau Dikko. 'Yan Tudun Wada da kewaye ga Yusuf Ɗantsoho, na Kawo da Rigasa kowa da babban asibitinsa, waɗanda ke tsallaken gada kuma ga Gwamna Awan a Kakuri. Ana iya kiran 112, amma in akwai mota ko Keke Napep a kusa, a kama hanya.

Abin da nake kira gaggawa shi ne ciwon ƙirji mai danne mutum, numfashi sama-sama wanda maganin shaƙa bai kwantar ba, suma, jijjiga, ko zubar jini ga mai juna biyu. Haka in baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe farat ɗaya: wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce. A duba agogo a riƙe lokacin da abin ya fara, likitan da zai karɓe ku zai tambaya. Kada a tsaya shafa mai ko jiran gari ya waye. Yaro in yana jijjiga a kwantar da shi ta gefe, ba a sa masa cokali ko wani abu a baki.

Masu hawan jini, in awo ya kai 180/120, a huta minti 5 a sake aunawa. In bai sauka ba, ga ciwon kai mai tsanani ko gani dishi-dishi, a wuce asibiti. Masu ciwon suga, in ya faɗo ƙasa da 70 mg/dL, ko aka ji rawar jiki da gumi mai sanyi, a sha ruwa da sukari cokalin shayi 4, a sake aunawa bayan minti 15. Wanda ya fita hayyacinsa ba a ɗura masa komai, ɗaukarsa ake yi.

Sauran al'amura duka na bar su hannun abokin aikina Dakta Sani. Yana ɗaki na 4, kusa da wurin awon jini, daga ƙarfe 9 zuwa 2, Litinin zuwa Alhamis. Ranar Juma'a yana tashi 12 saboda masallaci. Mun zauna da shi mun bi fayil-fayil, ya san magungunan da kowa ke sha, kuma sakamakon gwaje-gwajen da na tura duk teburinsa za su je. Duk wanda na ba ranar dawowa cikin waɗannan makonni uku, ranarsa tana nan, Dakta Sani zai gani. Matan da suka fi son ganin likita mace su faɗa wa Sista Rifkatu a wurin karɓar kati, za ta shirya musu. Lambar asibiti tana bayan katinku.

Ku zo da katin da kwalayen magungunanku a leda, har da waɗanda aka saya a kemis da na gargajiya. "Ƙaramar farar ƙwayar nan" ba ta isa bayani ba, fararen ƙwayoyi suna da yawa.

Na san halin wasu daga cikin iyayena da ke cewa su dai sai Dakta Hadiza. Na gode da wannan ƙauna, amma bara da na dawo daga hutu na tarar da wani baba mai ciwon suga ya rufe gyambon ƙafa da tsumma kwana 12 yana jirana. Da ƙyar muka ceci yatsan. Baba, Hajiya, in magani ya kusa ƙarewa ku zo tun saura na kwana uku, kada ku raba ƙwaya biyu don ta kai ku dawowata, kada kuma ku ari ta maƙwabci. Masu asma, ga hunturu ya kama, ƙura ta sauko, a riƙa yawo da abin shaƙa a aljihu.

Takardun wurin aiki, na makaranta da na inshorar lafiya, Dakta Sani zai sa hannu a kan masu sauri. Waɗanda ba na sauri ba su jira ni. Saƙonnin da suka taru zan fara bin su ranar 22, amma zan ɗauki kwana biyu kafin in kai ƙarshe, sai a yi min haƙuri.

Allah Ya ƙara lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Dakta Hadiza
Sashen masu hawan jini da ciwon suga
Kaduna